Wuta ta ɗauke ana tsakiyar sebin: yadda muka dawo da furojet ɗin biki da ya ƙi buɗewa

Ranar wata Alhamis bayan la'asar ina waje wurin ɗaukar wani taro, yaron da ke koyon editin a shagona ya kira ni muryarsa na rawa. Ya ce, “Oga, aikin Hajiya ya tafi. Na buɗe ya ce ya lalace, na buɗe wani kuma komai ya koma ja.” Aikin da yake nufi bidiyon biki ne na kamu da ɗaurin aure da walima, wanda muka yi alkawarin miƙawa ranar Asabar. Kwana huɗu ke nan yana kansa a manhajar editin ta Premiere Pro, ya gama kamu, ya gama ɗaurin aure, ya yi nisa a walima. Abin da na ce masa kawai shi ne ya ɗauke hannunsa daga kwamfutar, kada ya ƙara buɗe komai, kada ya ƙara danna sebin, har sai na iso.

Kafin a fahimci abin da ya faru, sai an san yadda kayan suke a zaune. An ɗauki bikin da kyamara biyu masu rubuta AVCHD, kati biyar gaba ɗaya, wajen awa tara na hoto. Irin wannan ɗauka a ingancin megabit 24 tana cin kusan giga 11 a kowace awa, don haka duk kayan sun kai giga 100, guntaye 214. An kwafe kowane kati cikin foldarsa a faifan ajiya na waje, wanda Windows ta ba harafin `E:`, sannan aka goge katunan aka tafi da su wani aikin. Shi kuwa fayil ɗin furojet yana cikin kwamfutar, a `Documents`, inda manhajar ta ajiye shi da kanta tun ranar farko. Akwai UPS a ƙarƙashin tebur, amma batirinsa ya mutu tun da daɗewa, ya zama mahaɗar waya kawai. Wannan laifina ne, ba na yaron ba.

Da misalin ƙarfe 4:52 ya ga fitila ta yi ƙasa, alamar za a ɗauke. Ya yi abin da na koya masa, ya danna `Ctrl+S`. Wutar ta tafi daidai lokacin da ake rubuta fayil ɗin.

Abu uku da suka yi kama da abu ɗaya

Shi a wurinsa masifa ɗaya ce: aiki ya ɓace. Amma da na zauna na duba, matsala uku ce daban-daban, kowace da dalilinta, kuma biyu daga ciki bayan dawowar wuta suka samu.

Dalilin da ya sa ake iya raba su shi ne fayil ɗin `.prproj` ba ya ɗauke da bidiyo ko kaɗan. Littafin lissafi ne. Abin da ke rubuce a cikinsa shi ne: ɗauko fayil kaza daga wuri kaza, fara daga daƙiƙa kaza zuwa kaza, ɗora shi a nan, rage masa sauti haka. Shi ya sa furojet ɗin da ke juya giga 100 bai wuce mega uku ba. Idan littafin ya yage, kayan suna nan a rumbu. Idan kayan suka sauya wuri, littafin lafiyarsa lau, adireshin da ke cikinsa ne ya daina kai mutum gida. Wanda ya riƙe wannan, rabin firgicinsa ya tafi.

Abu na farko da na yi ban buɗe manhajar ba. Na kwafe foldar furojet ɗin gaba ɗaya, har da foldar `Adobe Premiere Pro Auto-Save` da ke gefensa, inda manhajar take ajiye kwafin furojet da kanta lokaci-lokaci, na zuba a filash. Sannan na jona wani faifan da na zo da shi na fara kwafe giga 100 ɗin nan, domin a lokacin babu wani kwafinsu a duniya sai wannan ɗaya. Ya ɗauki wajen minti 25. Yaron yana ta kallon agogo, ni kuwa na san duk gwajin da zan yi daga nan, idan ya ɓaci, ina da inda zan koma.

Fayil ɗin da ya ƙi buɗewa

Saƙon da yake fitowa shi ne `The project appears to be damaged, it cannot be opened.` Ba kowane furojet mai wannan saƙo ne ya mutu ba. Wani lokaci ana ceto shi ta hanyar buɗe sabon furojet babu komai a ciki, a shiga `File > Import`, a zaɓi wanda ya lalace, a ce `Import Entire Project` ko `Import Selected Sequences`. Sai dai kafin na ɓata lokaci a kan haka, na duba girman fayil ɗin. Shi yana nuna 612 KB, alhali kwafe-kwafen da ke cikin foldar `Auto-Save` kowanne ya haura 2,800 KB. Furojet ba ya ramewa haka cikin minti goma sha biyu. An yanke shi ne a tsakiya.

Akwai hanyar tabbatarwa. A zahiri `.prproj` rubutun XML ne da aka matse da gzip, don haka 7-Zip yana iya buɗe shi. Na gwada a kan kwafi, ya ba ni `Unexpected end of data`, wato wutsiyar fayil ɗin babu ita. Kusan kashi huɗu cikin biyar na littafin ba a rubuta shi ba, kuma babu dabarar da za ta fito da abin da bai taɓa sauka a faifai ba. Na gwada `Import` sau ɗaya don hankalin yaron ya kwanta, ya ƙi, muka bar shi.

Sai foldar `Auto-Save`. A kwamfutar an bar saitin a minti 15 da kwafi 20, ba wanda ya taɓa shi. Kowane fayil a ciki yana ɗauke da kwanan wata da lokaci a ƙarshen sunansa. Ukun ƙarshe su ne na 4:10, na 4:25 da na 4:40. Ke nan asarar da wutar ta jawo da kanta ba ta wuce aikin minti 12 ba, daga 4:40 zuwa 4:52. Da a nan aka tsaya, da kafin magariba an manta da zancen.

Amma da na jera fayilolin bisa `Date modified`, sai na ga na 4:40 an sake rubuta shi da ƙarfe 5:31. Kuma a cikin foldar `Auto-Save` an haifi wata foldar `Auto-Save`. Wannan alama ce da ba ta ƙarya: an buɗe kwafin a inda yake, an yi aiki a kansa. Na tambayi yaron, ya sunkuyar da kai ya ce, “Na buɗe shi, Oga. Shi ne ya kawo jan.”

Ƙa'idar da nake bi ita ce, ba a buɗe fayil ɗin `Auto-Save` a mazauninsa. A kwafo shi waje, a sauya masa suna, sannan a buɗe. Na ciki shaida ne, idan aka taɓa shi aka yi sebin, an goge hanyar komawa da hannu.

Inda jan ya fito

Da wuta ta ɗauke, yaron ya zare faifan waje don kada tashin janareta ya ƙona shi. Tunani ne mai kyau. Da aka tada inji, wani kwastoma ya shigo karɓar aikinsa, aka soka filash ɗinsa. Tunda `E:` babu kowa a kai, Windows ta ba filash ɗin. Da aka mayar da faifanmu filash na nan a jiki, sai ya samu `F:`. Furojet kuwa yana neman `E:\Biki\Kamu_A\` da sauransu. Bai gan su ba, ya fito da akwatin `Link Media` da jerin guntaye duka, allon kallo ya koma ja da rubutun `Media Offline`.

Maganin wannan minti ɗaya ne, kuma ba a cikin Premiere yake ba. A rufe manhajar ba tare da sebin ba, a zare filash, a danna maɓallin Windows da `R` a rubuta:

```
diskmgmt.msc
```

A danna dama a kan faifan, a zaɓi `Change Drive Letter and Paths`, sannan `Change`, a mayar masa da `E:`. Idan aka sake buɗe furojet, adireshi ya koma daidai, babu abin da zai tambaya. Duk lokacin da na ga guntaye sun yi ja gaba ɗaya a tare, abin da nake fara kallo shi ne layin `File Path` a cikin akwatin, in ga harafin da yake nema, in kwatanta da wanda faifan yake ɗauke da shi yanzu. Idan kuwa biyu ko uku ne kawai suka yi ja, to ba harafi ba ne, an goge su ne, ko an sauya musu suna, ko an matsar da su.

Yaron bai san wannan ba, sai ya danna `Locate`. Guntun farko a jerin shi ne `00003.MTS` na katin `Kamu_A`. Ya danna `Search`, aka nuna masa fayil mai wannan sunan, ya ce to. A nan ne ainihin ɓarnar ta auku, kuma ita ce ta fi cin lokacinmu.

Kyamarar AVCHD tana fara ƙirga daga `00000.MTS` a duk lokacin da aka goge kati. Kati biyar na nufin fayil biyar masu suna `00003.MTS`, kowanne a cikin `PRIVATE\AVCHD\BDMV\STREAM` na foldarsa. Wanda ya zaɓa na `Daurin_Aure` ne. A ƙasan akwatin, ƙarƙashin `Match File Properties`, alamar tana kan `File Name` da `File Extension` kaɗai, kuma `Relink others automatically` a kunne yake. Manhajar ta yi abin da aka ce ta yi: suna ya yi daidai, ta ɗaura. Katin `Kamu_A` guntaye 41 ne, na `Daurin_Aure` 29. Guntaye 29 na kamu suka koma suna nuna hoton ɗaurin aure, sauran 12 ba su samu takwara ba. Da ya ga akwatin ya ƙi ƙarewa, ya danna `Offline All`, sannan ya yi sebin.

Ja ya fi wannan alheri nesa ba kusa ba. Ja yana ihu ne, yana cewa ga inda babu. Guntun da aka ɗaura wa fayil ɗin da ba nasa ba shiru yake yi, yankan yana nan, tsawonsa yana nan, waƙa tana tafiya a ƙasa, amma a wurin da ya kamata ƙawayen amarya su shigo sai ga dattawa a kan tabarma a ƙofar masallaci. Abin da ya tona asirin a idona shi ne wasu guntaye a `Timeline` da suka fito da zane-zanen layi a karkace. Wannan zanen yana fitowa ne idan yankan yana neman daƙiƙar da babu ita a fayil ɗin, misali an yanko daga minti na shida, fayil ɗin da aka ɗaura kuma minti huɗu ne duka. Waɗanda tsawonsu ya isa kuwa ba su nuna komai ba.

Zaɓi biyu da wanda na ɗauka

Na mayar da harafin `E:`, na kwafo fayil ɗin 4:25 waje na sa masa suna `Biki_425`, na buɗe. Ya tashi sumul, komai a wurinsa in ban da guntaye uku da zan zo kansu. To ga zaɓi. Ko mu ci gaba daga 4:25 mu yi asarar aikin minti 27, ko mu gyara na 4:40 mu yi asarar 12. A mafi yawan lokuta na farkon nake ɗauka, domin sake aikin minti goma sha biyar ya fi sauƙi da aminci a kan bin guntaye 29 ɗaya bayan ɗaya. Amma yaron ya ce a cikin wannan tazarar ce ya daidaita sautin kyamara biyu na jawabin waliyyi a walima, da kunne ya yi shi domin babu tafi a farko da za a daidaita da shi, kuma sai da ya yi ta kuskurewa kafin ya dace. Na ga idan muka gyara, zai koyi abin da ba zai koya ba idan muka tsallake. Muka gyara, amma da `Biki_425` a ajiye a matsayin madubi.

A cikin `Project`, na danna dama a kan layin sunayen ginshiƙai, na shiga `Metadata Display`, na kunna `Media File Path`. Yanzu kowane guntu yana nuna cikakken adireshin fayil ɗin da yake karantawa. Sa'ar da muka ci ita ce yaron ya zuba kowane kati a nasa `Bin`, wato foldarsa ta cikin furojet, don haka ina buɗe na `Kamu_A` na ga 29 suna nuna hanyar `Daurin_Aure`. Na zaɓe su, na danna dama, `Make Offline`. A nan akwai tarko: akwatin yana ba da `Media Files Remain on Disk` da `Media Files Are Deleted`. Na biyun yana goge ainihin bidiyon daga faifai. Na sa yaron ya karanta su da baki kafin na danna na farko.

Daga nan na zaɓi duka 41 na wannan katin kaɗai, na danna `Link Media`, na danna `Locate`, ban taɓa `Search` ba. Na bi folda da hannuna har `E:\Biki\Kamu_A`, na gangara zuwa `STREAM`, na kunna `Display Only Exact Name Matches`, na zaɓi fayil ɗin. Sauran 40 suka bi shi, wannan karon gidan da ya dace. Haka na yi wa ragowar katunan huɗu, kowanne shi kaɗai. Su waɗannan ba su warke da gyaran harafi ba, saboda guntun da aka danna wa `Offline` manhajar tana ɗaukar cewa da gangan aka ajiye shi haka, ba ta sake tambaya a kansa sai an neme shi. Da `Cancel` ya danna, ko ya rufe bai yi sebin ba, da wannan aikin bai taso ba.

Akwai masu cewa a kunna `Media Start` a cikin `Match File Properties` don a kauce wa irin wannan rikicin suna. Yana taimakawa idan kyamarar tana ba kowane guntu lokacin farawa na daban. Idan duk suna farawa daga sifili, bai raba komai ba. Ni dai bin kati ɗaya-ɗaya ne bai taɓa ba ni kunya ba.

Bayan an gama ɗaurawa na shiga `Edit > Preferences > Media Cache` na goge abin da ke ciki. Fayilolin `.cfa` da `.pek` da ke nan sauti ne da aka shirya don saurin kunnawa da kuma zanen igiyar sautin, manhajar tana sake gina su da kanta. Ban so a bar wani saura daga lokacin da guntayen ke karanta fayil ɗin da ba nasu ba. Sai da muka jira `Conforming` da ke ƙasan allo ta dama ya gama kafin muka kunna, domin kafin ya gama wasu guntayen ba su da sauti, kuma wannan kaɗai ya isa ya sake tsinka zuciyar mutum. Haka ma allon ruwan ɗorawa mai `Media Pending`, shi ba ɓata ba ne, jira ne. Rendar da aka yi a baya kuma sai da aka sake ta, wannan lokaci ne kawai.

Sannan muka kalli kamu daga farko har ƙarshe ba tare da tsallake ba, muna kwatanta adireshin kowane `Bin` da na `Biki_425`. Ƙarfe tara da 'yan mintuna muka yi `Save As` da suna `Biki_v02`. Yaron ya sake aikin minti 12 ɗinsa a cikin minti bakwai, tunda ya riga ya san abin da yake so.

Guntaye ukun da suka ɓace da gaske

Waɗannan ba ruwan wuta da su. Bidiyon waya ne da ƙanwar amarya ta kawo a filash, aka ja su kai tsaye daga filash ɗin zuwa furojet ba a kwafe su faifai ba, ta karɓi abinta ranar Laraba. Yaron ya ce, “Tun jiya yake kawo wannan akwatin, ina danna `Cancel` yana wucewa.” Wannan ne ya fi damuna a duk lamarin. Gargaɗin da aka saba korewa, ranar da ya zo da babban labari ma korar sa za a yi.

Muka roƙi a sake turo su. Da farko sun zo ta WhatsApp a matsayin bidiyo, an matse su, sun ƙanƙance, suna kuma ya sauya. Na ce a turo su a matsayin `Document`, suka zo da girmansu. Tunda sunan ba na da ba ne, na cire alamar `File Name` a akwatin `Link Media`, na kashe `Relink others automatically`, na ɗaura kowanne da hannu ina kallon hotonsa. Amma kafin nan sai da na kwafe su cikin foldar aikin.

Abin da na sauya a shagon

Na fara da lissafin `Auto Save`, wanda yake a `Edit > Preferences > Auto Save`. Lambobi biyu ne a wurin kuma aikinsu daban. `Automatically Save Every` yana faɗin iyakar aikin da za a rasa idan kwamfuta ta mutu. `Maximum Project Versions` yana faɗin yadda za a iya komawa baya. Minti 15 sau 20 awa biyar ke nan. Kuskuren da na ga mutane da yawa suna yi bayan sun ƙone shi ne su rage na farko zuwa minti 5 su bar na biyu a 20. Sun rage asara, amma tarihinsu ya koma minti 100. Idan ka goge wani sashe da safe ba ka lura ba sai bayan azahar, duk kwafin da ke da shi an riga an ture shi. Na sa minti 5 da kwafi 100, wato awa takwas da minti 20, yini guda na aiki. A mega uku kowanne, mega 300 ne, bai kai bidiyon minti biyu na kyamarar nan ba.

Akwai `Auto Save also saves the current project(s)` a wannan shafin. Na bar shi a kashe. Wasu suna son sa domin babban fayil ya riƙa tafiya da zamani ko an manta da sebin. Ni na fi son babban fayil ya zama abin da mutum ya rubuta da niyya, kwafe-kwafen su zama na inji. A daren nan abin da ya cece mu shi ne kasancewar su biyun ba abu ɗaya ba ne.

Sai mazaunin kwafe-kwafen. Matuƙar `Project Auto Save` yana kan `Same as Project`, to furojet da duk kwafinsa a faifai ɗaya suke kwana. Wuta ta yanke mana fayil ɗaya ne, shi ya sa maƙwabtansa suka tsira. Da faifan ne ya mutu, ko aka sace kwamfutar, da kwafi 20 da ɗaya duk ɗaya ne. Yanzu furojet yana zama cikin foldar aikin tare da bidiyonsa a faifan waje, kwafe-kwafen kuma suna sauka a `C:\AutoSave`. Ana saita wannan a `File > Project Settings > Scratch Disks`, kuma saiti ne na furojet, don haka duk sabon aiki sai na leƙa na tabbatar.

Faifan aiki na ba shi harafin `P:`, na ajiya `Q:`. Windows tana raba wa filash da kati haruffan farko da suka rage, ba sa kaiwa can. Kowane aiki foldarsa ɗaya, kuma duk abin da zai shiga furojet, waƙa ce, hoto ne, tambari ne, sai ya fara sauka a cikinta. Ba a ja daga filash, ba a ja daga `Downloads`. Kowace safiya ana yin `Save As` a ƙara lamba, `v03`, `v04`. Dalilin lambar zai fito yanzu.

Kafin a rufe shago ana jona `Q:` a kunna wannan umarnin kwafe fayiloli a `Command Prompt`:

```
robocopy P:\Ayyuka Q:\Ayyuka /E /R:2 /W:5 /XD "Adobe Premiere Pro Video Previews"
robocopy C:\AutoSave Q:\AutoSave /E /R:2 /W:5
```

`/E` yana ɗaukar folda da duk 'ya'yanta, kuma abin da bai sauya ba tsallake shi ake yi, don haka bayan daren farko ba ya daɗewa. `/R:2 /W:5` na cewa idan fayil ya ƙi kwafuwa a gwada sau biyu da tazarar daƙiƙa biyar. In ba a sa ba, robocopy yana gwadawa har sau miliyan yana jiran daƙiƙa 30 a tsakani, sai a wayi gari yana kan fayil ɗaya. `/XD` yana barin foldar renda, wadda ana iya sake ta. Da gangan ban sa `/MIR` ba, domin shi yana goge duk abin da babu shi a `P:` daga `Q:`, ke nan kuskuren gogewa na rana zai bi ka har rumbu da dare. Ko ba tare da shi ba, fayil ɗin da ya lalace yana hawa kan lafiyayye idan sunansu ɗaya. Da a daren Alhamis muka kunna wannan umarni ido rufe, da 612 KB ɗin nan ya danne na jiya. Lambar `v` ce take hana haka, na jiya sunansa daban, ba a taɓa shi.

Bayan an gama ana zare `Q:` a sa a durowa, domin abin da ke jone da kwamfuta yana cikin haɗarin da take ciki. Kati kuma ba a goge shi sai abin da ke cikinsa ya zauna a faifai biyu, ko da mai kyamara yana tsaye yana cewa yana da ɗauka da yamma. Na ƙara sayen kati saboda wannan gardamar. Na sauya wa UPS batiri, na jona kwamfuta da allo a kansa, na gwada ta hanyar zare filogi ina kallo. Ba don a ci gaba da aiki ba ne, don a samu 'yan mintunan da za a yi sebin a kashe lafiya ne.

Masu wannan harka suna da ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ban cika ta ba tukuna. Furojet ɗin, tunda 'yan mega ne, ina tura shi imel ɗina kullum. Bidiyon kuwa giga 100 ba abin ɗorawa a intanet ba ne da kuɗin datar da nake saye, don haka faifai na uku nake ɗauka gida ranar Juma'a kaɗai. Idan gobara ta tashi a shagon ranar Alhamis, ɗaukar mako guda ta tafi, na san da haka.

Mun miƙa wa Hajiya aikinta ranar Asabar da hantsi. Ranar Litinin na zare `P:` na sa a aljihu, na ba yaron `Q:` na ce ya tayar min da furojet ɗin bikin daga cikinsa kaɗai a wata kwamfutar. Akwatin `Link Media` ya fito, ya karanta `File Path`, ya rufe bai yi sebin ba, ya shiga `diskmgmt.msc` ya ara wa faifan harafin `P:`. Ya buɗe, guntu ɗaya ya rage ja: tambarin shago, wanda tun shekaru yake zaune a `Desktop` ɗina. Muka kwafe shi cikin foldar aikin, muka mayar wa faifan harafinsa.